Takardar "Zo Mu Tattauna Kan Asamen Ɗinka": Gayyata Ce Ko An Riga An Yanke Hukunci?

Wai idan lakcara ya rubuto wa ɗalibi takarda yana cewa na'ura ta nuna alama a kan rubutun da ya miƙa, ya zo ofis su zauna, an kama ɗalibin ke nan da satar fasaha? Wagga tambaya ta yawaita tsakanin ɗalibai a Sakkwato tun da aka fara saka furojek da asamen a cikin manhajojin bincike, kuma amsar da ke yawo a guruf-guruf kashi biyu ce, duk ba daidai ba. Wasu na cewa in ka ga takarda to ta ƙare maka, ka fara neman wanda zai je ya ba Malam haƙuri. Wasu kuma na cewa ai tunda da lalama aka rubuta ta ba komai ba ne, ko ba ka je ba ma ba abin da zai faru. Na farko zai shiga ofis yana rantsuwa da neman gafara kan laifin da wataƙila bai yi ba, na biyu kuma zai bari a yanke magana a bayan idonsa.

Takardar da aka rubuta yadda ya kamata tana nufin an ga abin da ke buƙatar bayani, kuma ba a yanke komai ba tukuna, iyakarta ke nan. Sai dai ba kowace takarda ake rubutawa yadda ya kamata ba, shi ya sa ya dace ɗalibi da malami duka su san bambancin.

Mene ne na'urar ta gani?

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda, alhali ba ɗaya ba ne.

Na farko rahoton kamanni. Manhaja irin Turnitin tana ɗaukar rubutunka ta gwada shi da abin da ke cikin rumbunta, wato shafukan intanet da mujallun ilimi da rubuce-rubucen da wasu ɗalibai suka taɓa miƙawa, sai ta shafa launi a duk inda jerin kalmominka suka yi daidai da na wani wuri, ta ba da kaso. Akwai ma launin da take liƙa wa sakamakon, kore ƙasa da kashi 25, rawaya daga 25 zuwa 49, ruwan lemo daga 50 zuwa 74, ja daga 75 zuwa sama. Abin da ba ta iya gani shi ne dalili. Ayar da ka kawo, maganar wani masani da ka sa cikin alamar zance ka kuma faɗi mai ita, jerin manazarta da ke ƙarshen takarda, har tambayar da Malam ya bayar wadda kowa a ajin ya kwafa a saman shafinsa, duk za ta iya ƙirga su. Kuma idan abokinka ya karɓi fayil ɗinka ya riga ka miƙawa, to naka ne zai fito da launi, don ita na'ura wanda ya fara shiga rumbunta ta sani, ba ta san wanda ya fara rubutawa ba.

Na biyu shi ne hasashen cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta yi rubutun. Wannan ya shigo ne bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, Turnitin ta ƙara nata ma'aunin a watan Afrilu na 2023. A nan babu wani shafi da za a buɗe a ce ga inda ka kwaso, manhajar tana duba salon jimlolin ne kawai, in sun cika santsi, kalma na bin kalma yadda ake tsammani, sai ta ce da alama na'ura ce. Hasashe ne, kuma yana kuskure. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya janye nasa ma'aunin a watan Yuli na 2023 saboda bai cika dacewa ba. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe na Turnitin a watan Agusta na shekarar, lissafin da suka yi kuwa mai sauƙi ne, sun ce sun saka takardu 75,000 a 2022, ko da kuskuren kashi 1 ne kacal kamar yadda kamfanin Turnitin ya faɗa, takardu kusan 750 ke nan za a iya zarga a banza. Wanda ya fi shafar mu shi ne binciken da wasu masana na Jami'ar Stanford suka fitar a 2023, inda suka gwada manhajoji bakwai da rubutun mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne a wurinsu, sai ga shi fiye da rabin rubuce-rubucen an ce na'ura ce ta yi su alhali mutane ne. To ka duba ɗalibinmu da ya taso daga Illela ko Tambuwal, wanda aka koya wa rubuta Turanci da gajerun jimloli masu tsari da kalmomin da ya tabbatar da su, shi ne daidai irin wanda ma'aunin ke saurin zargi.

Saboda haka rahoton dalili ne na a yi tambaya, bai kai hujjar da za a hukunta mutum da ita shi kaɗai ba.

Misali da lissafi

A ɗauka wata ɗaliba ce 'yar aji uku ta miƙa asamen mai kalmomi 1,500, rahoto ya fito da kashi 38, rawaya. In aka tsaya a lambar nan sai a ce fiye da kashi ɗaya bisa uku na aikinta sata ne. Malamin da ya san aikinsa zai buɗe rahoton ya bi shi wuri-wuri. Sai ya tarar kashi 12 jerin manazarta ne, kashi 8 maganganun da ta sa cikin alamar zance ta kuma faɗi masu su, kashi 4 shafin farko ne da sunan kos da tambayar da shi kansa ya bayar. Manhajar ma tana da wurin da ake danna `Exclude quotes` da `Exclude bibliography` a cire mafi yawan waɗannan. Abin da ya rage kashi 14, kalmomi kamar 210, kuma duk daga wuri ɗaya suke, sakin layi biyu a shafi na uku da suka yi daidai kalma da kalma da wani tsohon furojek da ke intanet, ba alamar zance, ba sunan mai shi.

Wannan 14 ɗin ita ce maganar, ba 38 ba. Kuma ka lura, da a ce kashi 14 ne kawai rahoton ya nuna tun farko da kore zai fito, wani malamin ko kallonsa ba zai yi ba, alhali a nan matsalar take. Shi ya sa ni ban yarda da malamin da ke aiki da lamba kawai ba, ko wajen zargi ko wajen wankewa.

To sakin layin nan biyu ta yaya suka shigo? Yana yiwuwa ta kwafa da gangan. Yana yiwuwa ta rubuta su a littafinta tun farkon zango lokacin da take karatu ba ta sa inda ta samo ba, bayan wata biyu ta ɗauka nata ne. Yana yiwuwa da hannu ta rubuta ta kai kafe a buga mata, mai bugun ya ga shafukan ba su cika ba ya "taimaka" mata, wanda duk ya yi karatu a garin nan ya san ana yi. Yana yiwuwa kuma ita da mai tsohon furojek ɗin duk daga littafi guda suka ɗauko. Kowanne a cikin waɗannan hukuncinsa daban, daga gyara da gargaɗi har zuwa kwamitin ladabtarwa, kuma ba wanda za a gane daga kallon allon kwamfuta, dole sai an ji ta bakinta.

Yadda takardar adalci take

A jami'a da Turanci ake rubuta ta, amma ga yadda ma'anarta za ta kasance da Hausa:

"Assalamu alaikum. Ina rubuto miki ne game da asamen ɗin da kika miƙa a kos ɗina na wannan zango. Rahoton Turnitin ya nuna cewa sakin layi na biyu da na uku a shafi na 3 sun yi daidai da wani rubutu da ke intanet, kuma ban ga an ambaci tushensu ba. Na haɗo miki kwafin rahoton tare da alama a wuraren. Ban yanke wani hukunci ba, ina so in ji yadda kika haɗa aikin kafin in ba da maki. Ina gayyatarki ofishina ranar Talata mai zuwa da ƙarfe 11 na safe, zaman ba zai wuce minti 30 ba, kuma jami'in jarrabawa na sashe zai kasance a wurin yana rubuta abin da aka tattauna. Ki zo da duk abin da kika yi aiki da shi, littafin da kike rubutu a ciki, daftarin farko, fayil ɗin da ke waya ko kwamfuta, da littattafan da kika duba. Kina iya zuwa da wanda kike so ya raka ki. Bayan zaman, ko dai a rufe maganar a ba ki makinki, ko a nemi ki gyara, ko a miƙa ta ga shugaban sashe kamar yadda dokar makaranta ta tanada. Idan lokacin bai yi miki ba ki sanar da ni kafin ranar Litinin mu sake wani."

Duba abin da ta yi. Ta faɗi abin da aka gani da inda aka gan shi, shafi da sakin layi, ba ta ce "kin saci aikin wani" ba, cewa ta yi rubutun ya yi daidai da wani kuma ba a ga tushe ba. Jimlar farko tana magana ne kan niyyar ɗalibar wadda Malam bai sani ba, ta biyu tana magana kan abin da ke kan takarda wanda kowa zai iya dubawa. Ta haɗo rahoton, don ba adalci ba ne mutum ya fara ganin abin da ake tuhumarsa da shi a daidai lokacin da ake jiran amsarsa. Ta kuma ba da kwanaki, ba "ki same ni yanzu-yanzu" ba, don wadda ke zaune cikin gari tana shiga jami'a a Dundaye da motar haya tana buƙatar lokacin da za ta koma gida ta tono tsohon littafinta.

Mutum na uku da aka ambata, wato jami'in jarrabawa, shi ma ba ado ba ne. Yana kare ɗalibar, musamman mace da za ta shiga ofishin malami namiji a kan maganar da makinta ke hannunsa, kuma yana kare shi kansa malamin daga a ce ya nemi wani abu ko ya yi barazana.

Lalamar da ta zama tarko

Nan ne nake ganin malamai masu kyakkyawar niyya ma suke zamewa. Don gudun kada su tayar wa ɗalibi da hankali sai su rubuta "ka zo mu ɗan yi hira kan aikinka", shi ke nan. Yaro ya zo hannu rabbana yana zaton yabo za a yi masa ko ɗan gyara, yana shiga ya tarar da mutum biyu da rahoto a kan tebur. Wannan takardar ta yi laushi amma ba ta yi adalci ba, don ta ɓoye masa girman abin. Rashin son kai bai hana a faɗi gaskiya ƙarara, shi ya sa a misalin da ke sama aka lissafa abubuwa uku da za su iya biyo baya har da kai magana gaban shugaban sashe. Gara gabansa ya faɗi a gida ya shirya, da ya faɗi a ofis ya rasa abin cewa.

Ɗaya gefen kuma shi ne wanda muka fi sabawa da shi, a turo wa kilas-ref lambobin rajista guda takwas ya watsa a guruf ɗin aji da "waɗannan su ga Malam kan satar asamen". Kafin azahar aji duka ya sani, kafin la'asar magana ta kai hostel. Ko da an wanke biyar daga cikinsu washegari ba wanda zai sake watsa wannan a guruf. Takarda irin wagga ta mutum ɗaya ce, a imel ɗinsa ko a ambulan.

Me ya sa malami zai ɗora wa kansa wannan wahalar?

Malamai suna da tasu hujjar kuma ba ta banza ba ce. Mutum na da ɗalibai ɗaruruwa a kos guda, ga makin jarrabawa ana jira, ga kwafe-kwafen da ya gaji da gani shekara da shekaru, a ce kuma kowane ɗaya sai an rubuta masa takarda an ware masa rabin awa? Wani zai ce in ba shi sifili kawai in wuce, in yana da magana ya biyo ni. Kuma gaskiya ne da yawa daga cikin waɗanda aka kira ɗin sun yi kwafin.

Amsar farko ita ce ba kowa ake kira ba, tacewar da aka yi a misalin can ita ke rage yawan, wanda nasa duk manazarta ne da alamar zance ba ya buƙatar takarda sam. Amsa ta biyu doka ce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, kuma kotunan Najeriya sun daɗe suna aiki da wannan a kan jami'o'i. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar da aka yi wa wasu ɗalibai bayan wata tarzoma, cikin dalilan har da cewa ba a ba su damar kare kansu yadda ya dace ba, kuma wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Maganar asamen ba ta kai girman waccan ba, amma idan ta yi nisa har ta kai ga dakatarwa ko kora, abin da za a fara tambaya shi ne an sanar da ɗalibin abin da ake zarginsa da shi a rubuce, an ba shi lokaci, an ji nasa? Takardar gayyatar ita ce shafin farko na wannan fayil, in ta fito da hukunci a cikinta tun daga farko to ta lalata duk abin da ya biyo baya, har a kan ɗalibin da ya yi laifin da gaske.

Mu nan ma ba baƙon abu ba ne, a karatun zaure an san cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma an san wasiyyar da Annabi (SAW) ya yi wa Sayyidina Ali lokacin da zai tura shi Yaman, cewa kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko.

In takardar ta zo maka

Ka amsa ta a rubuce, gajere, "Malam na ga saƙonku, in sha Allahu zan zo a lokacin da kuka sa". Kada ka fara dogon bayani ko ban haƙuri a cikin amsar, kuma kada ka tura kawu ko wani babba ya je ya yi maka magana kafin zaman, don wannan yakan sa a ɗauka ka amsa laifi tun ba a tambaye ka ba. In ba a haɗo maka rahoton ba ka roƙa cikin ladabi a ba ka, haƙƙinka ne ka san shafin da ake magana a kai.

Abu mafi muhimmanci, kada ka taɓa fayil ɗin. Wasu da sun ji tsoro sai su buɗe su fara goge wuraren da ake zargi, alhali kwanan watan da aka yi gyara na ƙarshe yana nan a jikin fayil, sai ya zama ka ƙara wa kanka tuhuma. In a Google Docs ka yi rubutun akwai `Version history` da ke nuna yadda aikin ya taso kaɗan-kaɗan rana bayan rana, wannan ya fi kowace rantsuwa ƙarfi musamman in zargin na ƙirƙirarriyar basira ne, don rubutun da aka liƙo a dunƙule lokaci guda daban yake da wanda aka yi ta gogewa ana sakewa. In da hannu ka fara, takardun nan masu kace-kace da ka kusa zubarwa su ne shaidarka.

A zaman kuma tambayoyin da malami mai adalci zai yi ba masu wuya ba ne ga wanda ya yi aikinsa. Ina ka samo wannan bayanin, me kake nufi da wannan jimlar, me ya sa ka zaɓi wannan misalin ka bar wancan, faɗa mini da bakinka abin da shafi na uku ke cewa, da Hausa ma in ka fi sakewa. Wanda ya rubuta abu yakan iya bayaninsa ko da yana rawar murya, wanda aka rubuta wa kuwa yakan tsaya cak a kalmar da shi kansa bai san ma'anarta ba. Sai dai shi ma malamin ya yi hattara, in-ina da sunkuyar da kai a gaban babba tarbiyya ce a wurinmu, ba alamar rashin gaskiya ba.

A koma kan ɗalibar can. A ce ta zo da littafinta, aka buɗe aka ga sakin layin nan biyu da rubutun hannunta a tsakiyar bayanan da ta tattara, ba sunan tushe a gefe, ta ce "Allah ya gafarta Malam, wallahi na manta inda na samo su, na ɗauka taƙaitawata ce". Wannan bai wanke ta gaba ɗaya ba, kalmomin wani ne a cikin aikinta ba tare da ambato ba, amma ya nuna sakaci ne wajen ɗaukar bayani, sauran kalmomi kusan 1,300 kuma ba a same su da matsala ba. Abin da ya dace da irin wannan yawanci a rage maki ko a ce ta gyara ta sake miƙawa, gwargwadon abin da littafin dokokin ɗalibai na makarantarta ya ce. In kuwa ta kasa bayanin ko shafi ɗaya, ba daftari ba littafi, daga baya ta ce wani ta biya ya rubuta mata, to magana ta wuce teburin Malam, sai shugaban sashe da kwamiti, kuma a can shi Malam mai kawo rahoto ne, bai kamata ya zauna cikin masu yanke hukunci ba.

Ko wanne ya faru, a nemi takarda ta biyu bayan zaman, mai ɗauke da ranar da aka zauna, waɗanda suka halarta, abin da ɗalibin ya faɗa, matakin da aka ɗauka, da inda zai kai kuka in bai gamsu ba. Wanda aka wanke ma ya karɓi tasa ya adana, don rahoton mai kashi 38 yana nan cikin manhajar, kuma watarana wani malamin da bai halarci zaman ba zai iya buɗe shi.